Jakar Baba Mai Gyaran Keke

Na daɗe ina haɗa kasafin magani a famasin asibitinmu, kuma har na bar kujerar ban taɓa son aikin ba. Da damina ta ɗauke takarda ke fitowa daga ofishin shugaban asibiti, wai kowane sashe ya kawo bukatunsa na baɗi. Daga ranar nake daina fara'a. Har maigidana ya gane lokacin. In ya ga na dawo Unguwar Dosa ina yi wa yara faɗa a kan takalmin da aka bari a bakin ƙofa, sai ya ce, "To, an shiga watan lissafi, kowa ya kama kansa."

Aikin ba shi da wuyar fahimta, wahala ce kawai da shi. Kowane kaya a sito yana da katinsa a rataye jikin kanta, daga ƙwayar zazzaɓi har safar hannu da sirinji. A katin ake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Sai in bi fitar shekara guda in fitar da matsakaicin abin da ake ɗauka a wata. Idan kayan sun taɓa yankewa, sai in cire kwanakin da babu su daga lissafin, domin rashin fita a lokacin da kanta take wayam ba ya nufin mutane sun warke. Daga nan in ninka matsakaicin da watannin da za a yi wa sayayya, in haɗa da tsawon lokacin da mai kawo kaya ke ɗauka kafin ya iso, in ƙara ajiyar ko-ta-kwana. Sannan in cire abin da ke sito da abin da ke hanya, ban da wanda zai lalace kafin a kai gare shi. Abin da ya rage shi za a saya. Saura farashi, wanda shi ne ke sa mini ciwon kai. In ɗauki na sayen ƙarshe, in bubbuga wa masu kawo kaya waya, in dubi inda dala ta dosa, in yi ƙari bisa hasashe ina addu'ar kada in ji kunya.

Kuɗin ba na kyauta ba ne. Asusu ne mai juyawa, abin da aka sayar da shi ake sayo wani. Kayan da suka kwanta a kanta ba su motsi, kuɗi ne aka ɗaure, wanda ya lalace kuma asara ce da sai an yi bayaninta a gaban odita. Ina faɗin wannan tun yanzu don kada a ɗauka akwai mugu a labarin nan. Na nemi mugun da zan ɗora wa laifi don in samu sauƙi, ban same shi ba.

A can ƙasan jerin kayan aiki akwai wani layi da yawancin ma'aikatanmu ba su san da shi ba. Jaka ce ta roba mai ɗanko a baki, wadda ake manna wa mutumin da aka yi wa tiyatar hanji aka fitar masa da mafitar bayan gida ta gefen ciki. Irin tamu mai buɗewa ce ta ƙasa, ana zubarwa a rufe, bayan kwana biyu ko uku ɗankon ya saki sai a sa sabuwa. Daga ƙasar waje ake kawo ta. Wani likitan tiyata da ya taɓa zama da mu shi ya matsa aka saya, lokacin muna da masu amfani da ita mutum uku. Likitan ya samu aiki a Saudiyya ya tafi. Yarinyar da ke cikin ukun aka mayar mata da hanjinta ta warke, wata baiwar Allah daga Malali ta rasu. Saura mutum ɗaya, wani dattijo mai gyaran keken ɗinki a Kawo.

Baba muke ce masa. Siriri ne, gemunsa fari fat, kullum cikin wankakkiyar riga da ƙamshin turare mai ƙarfi. Ciwon daji aka yanke masa a ƙarshen hanji, don haka tasa mafitar ta zama ta har abada. Allah ya ba shi lafiya bayan aikin, ya koma sana'arsa. Yana ɗaure akwatin kayan gyara a bayan tsohon babur yana bin shagunan teloli, daga bayan tashar Kawo har gidajen matan ma'aikata a Unguwar Rimi masu keke a ɗaki. Aikinsa na zama kusa da mutane ne, kansa a sunkuye a kan keke, mai keken na tsaye a kansa yana ba shi labari. Kuma shi ne mai buɗe masallacin layinsu da asuba. Duk wannan a kan jakar nan yake tsaye. In tana manne da kyau, ba wanda zai san da ita.

Ba ya zuwa taga inda ake layi. Kunya ba ta barinsa ya ambaci abin da ya zo saya a gaban mata da yara. Sai ya zagayo ta ƙofar sito ya yi sallama, ya tsaya har sai na fito.

"'Yata, an wuni lafiya? Ya aiki, ya yaran?"

"Lafiya lau, Baba. Ya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi. Saƙon nan nawa na zo karɓa."

Haka yake kiranta, saƙo. In shiga in buɗe kwalin a gabansa, in ƙirga abin da ya ce, in naɗe a takarda, a yanka masa rasit. Wani lokaci ya ce biyar, wani lokaci huɗu. Farashin tsohon saye ne, mai sauƙi, don haka ban taɓa kawo wa raina kuɗi ne ke hana shi ba. Na ɗauka yana samun wasu a wani wuri, tunda yana da ɗa a Legas. Yakan leƙa cikin kwalin kafin in rufe, na ɗauka son gani ne irin na tsofaffi.

Shekarar da nake ba da labari ita ce wadda dala ta haukace. Farashin da mai kawo kaya ya faɗa maka da safe, da la'asar ya ce ya tashi. Na zauna da katunan sito a ofishina mai fanka ɗaya, ina bi layi-layi, har na iso kan jaka. Na raba fitar shekara da wata goma sha biyu, sai ga matsakaici bai fi uku ba. Ban yarda ba, na sake. Kayan ba su taɓa yankewa ba, balle in ce akwai kwanakin cirewa. Mutumin da ya kamata ya ɗauki goma ko fiye a wata, uku yake ɗauka. A wannan tafiyar, abin da ya rage a kwali zai kai shekara biyu, wato a takarda ba ma bukatar sayen ko ɗaya. Na juya kwalin na duba kwanan lalacewa, saura wata biyar. Ɗankon jakar ba ya jure zafi, sitonmu kuwa in an ɗauke wuta kamar gidan burodi yake.

Bai fi mako ba sai ga Baba ya zo, yana tafiya a karkace. Na ce ya shigo ya zauna, ya ƙi, na matsa. Na kira metiron, babbar nas ɗinmu, mace mai faɗa amma hannunta da sanyi, ta kai shi ɗakin wankin ciwo. Da ta fito ta ja ni gefe.

"Hajiya, fatar wajen duk ta saɓule, ja wur. Wanke jakar yake yi ya shanya. In ɗankon ya mutu ya kama ta da filasta. Guda ɗaya tana yi masa kwana goma."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Na same shi zaune a benci yana gyara hula, na manta da furfurarsa na hau shi da faɗa.

"Haba Baba! Me ya kai ka? In kuɗi ne ba sai ka gaya mini ba?"

"Ba kuɗi ba ne, 'yata. Allah ya rufa asiri."

"To mene ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Ai ina ganin kwalin duk zuwa, yana ta raguwa, ban ga an kawo wani ba. Na ce in na kwashe, sauran bayin Allah masu irin larurata fa? Akwai yarinyar nan ƙarama da aka kwantar da mu a asibiti lokaci ɗaya. Ni babba ne, na iya lallaɓawa."

Kara yake yi, irin wadda aka koya mana tun muna yara, kada ka cinye abin da ke cikin kwano alhali akwai na baya. Shekara biyu yana cutar da fatarsa yana bar wa mutanen da babu su. Da na gaya masa yarinyar ta warke tuni, matar Malali kuma ta rasu, sai ya yi wa mamaciyar addu'a, ya yi hamdala saboda yarinyar, har fuskarsa ta washe. Bai ga abin da na gani ba. Ni na san katin sito bai san kara ba, abin da ya fita kawai yake rubutawa.

Na ce masa daga yau ya riƙa ɗaukar goma sha biyu duk wata, kuma kada in sake jin ya wanke ko ɗaya. Ya yi dariya ya ce, "To, na ji, likita." Ranar ya ɗauki goma sha biyun. Amma shekarar da ake lissafi da ita ta riga ta rufe, kuma kasafin zai shiga gaban kwamiti cikin mako biyu.

Akwai wata hanyar lissafi da aka yarda da ita idan fitar baya ba ta nuna gaskiya. Maimakon a bi kati, sai a bi larurar: mutum nawa ke da ita, kowanne nawa yake bukata. Da ita na yi wa layin jaka. Na rubuta mutum ɗaya, goma sha biyu a wata, na ƙara kaɗan ko za a samu sabon majinyaci, na yi bayani a gefe da jan biro. Sannan na kira mai kawo kayan, wani ɗan Kano mai yawan rantsuwa.

"Hajiya, wallahi wannan kaya sai an yi oda daga Legas. Kuma ba sa fasa babban kwali, sai dai ki ɗauka duka."

"Nawa ne a ciki?"

Abin da ya faɗa ya fi bukatar Baba ta shekara biyu. Farashin kuma ya ninka wanda muka saya kusan sau uku, ya ƙara da cewa kafin oda ta fito in sa rai da wani ƙarin. Na bubbuga wa wasu biyu, ɗaya ya ce ya daina kawowa, ɗayan bai ma san mene ne ba. Na ɗora hasashen ƙari a kan farashin ɗan Kano, na ninka, na rubuta. Da na ga jimlar layin na san ta yi yawa, amma na bar shi yadda yake.

Ranar zaman kwamiti aka taru a ɗakin taro bayan azahar. Shugaban asibiti na zaune a kujerar gaba, likita ne mai sanyin magana wanda gajiya ta gama cinyewa. Ga akanta da kwamfutarsa, ga metiron, ga shugabannin sassa. Akanta ya fara da faɗin abin da asusu zai iya ɗauka. Jimlar da na kawo ta haura shi da kusan rabi, ba don na ƙara yawan kaya ba, farashi ne kawai ya tashi. Shugaba ya ce, "To, Hajiya, a kawo wuƙa."

Yankan yana da tsari. Tun kafin zama nake raba kaya gida uku: na ceton rai, na dole, da na in-da-hali. Ba a taɓa na farko sai an gama da na ukun. Muka share magungunan ƙarin jini masu tsada da na tari kala-kala, muka bar guda ɗaya mai araha a kowane iri. Muka rage ajiyar ko-ta-kwana daga wata biyu zuwa ɗaya a kan kayan da ake samu a gari. Muka amince a riƙa saye kashi-kashi maimakon sau ɗaya, duk da mun san kashi na biyu zai fi tsada. Har yanzu da saura. Sai akanta ya gangara da yatsa ya tsaya.

"Wannan jakar fa? Fitarta uku a wata, Hajiya ta rubuta goma sha biyu. Ga kusan rabin kwali zai lalace a sito, wanda ni zan amsa tambaya a kansa. Sannan a ce mu sayo wani babban kwali?"

Na ce, "Yallaɓai, katin ne bai faɗi gaskiya ba," na ba su labarin Baba tun daga farko. Metiron ta goyi bayana, ta faɗi abin da ta gani da idonta. Na ga wasu sun girgiza kai, wani ya ce Allah sarki. Akanta ma ya cire tabarau ya goge ido, ba dutse ba ne shi.

Ya ce, "Na ji, kuma na tausaya. Amma ko na yarda da goma sha biyun, kwalin na shekara biyu ne, zafin sito zai kashe rabinsa kafin a kai. Kuma a sabon farashi, shi dattijon zai iya sayen goma sha biyu a wata?"

Na san abin da mai gyaran keke ke samu a rana.

Na ce a mayar da ita gidan ceton rai. Shugaba ya tambaye ni a hankali, "Hajiya, in babu ita zai mutu?"

"Ba zai mutu ba, ranka ya daɗe. Amma ba zai fita cikin mutane ba."

Likitar mata ta juyo da takardar wajena ta nuna layi biyu. Allurar tsayar da jini bayan haihuwa, da allurar jijjiga ta masu ciki. Kuɗin kwalin jaka ya yi daidai da na watanni da dama na waɗannan biyun. Ta ce, "In an bar jakar, daga ina za a cire? Ki nuna mini, ni ban iya ba." Ba gatse take yi ba, da gaske take tambaya.

Nan na yi abin da ban saba yi a taro ba, na ɗaga murya. Na ce mutumin nan ya cuci kansa don ya bar wa wasu, yanzu kuma da wannan kirkin nasa za mu yanke masa hukunci. Na ce da ya yi haɗama ya kwashe kwalin a wata shida, da yau layinsa na cikin masu gudu, ba wanda zai tsaya a kansa. Akanta ya ce ko da hakan ne farashin ba zai canza ba. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ba ni haushi. Shugaba ya ce a bar layin a jeri amma a sa sifili, in an samu rara a tsakiyar shekara a duba. Duk wanda ke ɗakin ya san ba a taɓa samun rara ba. Da hannuna na rubuta sifilin, don ni ce mai riƙe da takardar.

Ban iya gaya wa Baba a zuwansa na gaba ba. Na dai ce ya saye duk abin da zai iya kafin kwanan lalacewa ya cika, domin daga ranar doka ba ta bar ni in fitar da ko ɗaya ba. Ni da metiron muka haɗa muka saye ragowar muka ba shi. Ya yi ta godiya har na ji kunya. A zuwa na biyu na daure na faɗa masa ba za a kawo wasu ba. Ya ce, "Ba komai, 'yata. Gwamnati ma tana da nata nauyin." Na so ya yi fushi, ya zage mu, ko na samu abokin faɗa. Sai ya tambayi lafiyar yarana ya tafi.

Abin da muka tara masa ya kai shi bayan ƙaramar salla, don ya koma wanki da shanya, kuma wannan karon ban da bakin hana shi. Na bi manyan shagunan magani na cikin gari. Wuri ɗaya na samu, guda ɗaya kuɗinta ya fi abin da yake samu a wuni mai kyau. Ɗansa na Legas ya aiko da fakiti sau biyu, daga baya kamfanin da yake gadi ya sallame su. Wani wakilin kamfanin magani ya kawo mini kyautar guda goma, na yi murna, na buɗe na tarar irin mai gida biyu ce, ba a haɗo da faifan da ake mannawa a fata ba. Ba su da amfani ko na rana ɗaya. Na rubuta wa wata ƙungiyar agaji takarda, suka amsa da cewa a bana hankalinsu na kan zazzaɓin cizon sauro.

Daga nan Baba ya daina zuwa. Matarsa ce ta fara bayyana a taga, tsohuwa mai lulluɓi har ƙasa, ta miƙo kuɗi ta ce a ba ta filasta mai faɗi da auduga. Wata yarinya cikin ma'aikatanmu ce ta gane ta ta gaya mini. Na fito na gaishe ta.

"Inna, ya jikin Baba?"

"Da sauƙi."

"Da me yake amfani yanzu?"

Ta dubi hagu da dama, ta rage murya. "Farar leda, irin ta ƙulla koko. Sai a zagaye ta da filasta."

Wata Asabar da hantsi na sa maigidana ya kai ni Kawo. Gidan na cikin wani lungu bayan shagunan masu walda. A zaure na ga babur ɗin an jingine shi, tayar baya ta sace, akwatin gyaran na ɗaure a kai yadda yake. Inna ta shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, ta kawo ruwa. Ƙofar ɗakinsa a buɗe take amma an saki labule, hayaƙin turaren wuta na fitowa ta ƙasa. Turaren bai rufe abin da aka kunna shi ya rufe ba.

Na yi sallama na tashi zan shiga, sai muryarsa ta tare ni.

"'Yata, yi zamanki nan. Ina jin ki sarai."

Na koma na zauna. Muka gaisa ta bayan labule, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi metiron. Muryarsa ba ta canza ba. Na ce ya aiki, ya ce ya ɗan huta. Inna ce ta gaya mini a hankali abin da ya faru. Yana gyara keke a wani shago, ledar ta saki. Telan mutumin kirki ne, bai ce komai ba, amma yaran shagon suka fita waje suna toshe hanci. Ya tattara kayansa ya dawo, tun ranar bai sake hawa babur ba. Mabuɗin masallaci kuma ya aika wa liman da shi. Liman ya zo da kansa ya ce masa mai larura irin tasa sallarsa ta yi, ya dawo sahu. Ya ce ya sani, amma ba zai cutar da wanda ke gefensa ba.

Na ce ta cikin labulen, "Baba, ban daina nema ba. In Allah ya so kasafin baɗi zan sake sa ta."

"Kada ki wahalar da kanki. Metiron ta gaya mini da maganin masu haihuwa aka auna. In haka ne ai an yi daidai. Ni na ci zamanina."

Na ji haushin metiron da ta faɗa masa, na ji haushinsa da ya yarda, na ji haushin kaina. A mota na yi kuka sosai har muka iso gida.

Damina ta sake ɗaukewa, takarda ta sake fitowa. Na zauna da katunan. A layin jaka, fitar rabin shekarar ƙarshe babu ko ɗaya. Na cire kwanakin yankewa yadda ƙa'ida ta ce, na sake rubuta goma sha biyu a wata, na kira ɗan Kano. Farashin ya ƙara tashi. A zaman kwamiti ba a yi ko gardama ba. Akanta ya ce kayan da aka yi shekara ba a saya ba a cire su daga jeri don a rage tsawon takarda, aka amince. Ban ɗaga murya ba a wannan karon.

Da na koma ofis ina gyara takardar ƙarshe, na zo kan filasta mai faɗi, wadda muke sayarwa a taga. Tana da katinta dabam da wadda ake ba ɗakunan kwanciya, kuma da can sai a yi wata ba a sayi uku ba. Bana fitarta ta ninka. Na san hannun da ke miƙo kuɗin, na san fatar da ake ɗaye ta daga kai safe da yamma. A takarda kuwa kaya ne mai gudu, mai araha, ana samunsa a gari, ba ya lalacewa da wuri. Lissafi ya ce a ƙara, kwamiti ya riga ya amince ba wanda ya tambayi dalili. Na ƙara yawanta yadda matsakaicin ya nuna, na sa mata ajiyar wata guda don kada ta yanke masa, na sa hannu na aika ofishin shugaba.